Akwatin da Bai Taɓa Giɓi Ba

Ni ne na riƙe kuɗin ƙungiyarmu ta manoman albasa tun ranar da aka kafa ta. Dalilin da ya sa aka zaɓe ni ba wani babba ba ne. A cikin waɗanda suka zauna a inuwar bedi ranan, ni kaɗai na gama lakkol ta firamare, kuma kowa a garin ya san ni da tsoro. Mutumin da yake komawa gida daga rabin hanyar fadama don ya duba ko ya ɗaure akuya, in ji su, ba zai ci kuɗin jama'a ba. Aka sa mini suna Tarzoriye, wato ma'aji da Faransanci, har sunana na yanka ya kusa ɓacewa.

Aikin ba shi da wuyar faɗi. Bayan an cire albasa kowane mamba yana biyan kuɗin shekara. Da su muke sayo taki da iri, mu ba mambobi, wasu hannu da hannu, wasu bashi sai kaka. Kowane buhun albasa da aka loda a kamyo, babbar motar kaya, ta hannun ƙungiya akwai ɗan abin da yake shiga akwati. In kuɗi sun taru sai in kai su gidan asusu a Buza, inda ba a fitar da ko dala sai da sa hannuna da na shugaba. Malaman da suka zo suka yi mana horo sun bar mana doka guda wadda na haddace kamar Fatiha: duk abin da ya fita daga akwati sai da resi, takardar shaidar biya, in babu resi to ba a kashe shi ba, yana wuyan ma'aji.

Dokar tana da kyau a kan allo. Amma mai baro da ya kwaso taki daga bakin hanya ba ya ba da resi. Masu lodi kan ce rana ta yi zafi, sai an ƙara musu na ruwa, kamyo kuwa yana tsaye direba yana zagi. Tsohuwa takan zo biyan kuɗin shekara da ƙullin zane, a kwance a tarar saura dala biyar, ta dube ni ta ce, "Ɗana, rubuta, ina kawo maka." Sai in rubuta ta biya duka, domin hannuna ba ya iya rubuta wa sa'ar uwata bashin dala biyar. Wata rana in je Buza, matar da ke karɓar kuɗi ta ture mini takardar jika guda da aka liƙe da salatif ta ce ba ta karɓa. In malamin gona ya zo kuma sai shayi da sukari da ɗan tsire.

Daidai shi ne in je wurin shugaba in ce a rubuta takarda, ya sa hannu, a kai gaban taro. Sau ɗaya na gwada, a shekarar farko. Ya saurare ni yana yankan farce, ya ce, "Tarzoriye, hal dala goma sai an tara mutane?" Da wasa ya faɗa, amma kunya ta rufe ni, na ji kamar na zo roƙo. Kalmar giɓi kuwa ko a zuciyata ba na son in furta ta. Daga nan na samo tawa dabara. Duk ranar Alhamis bayan la'asar sai in ƙidaya akwati, in duba kaye, wato littafin lissafi, abin da ya rage in sa hannu a aljihuna in cika.

Ina da halin yin haka a lokacin. Ina da rijiya a fadama, babban ɗana kuma yana Abijan yana aiko da abin da ya samu. Ban taɓa rubuta abin da nake cikawa ba. Ni da nake rubuta kuɗin bik ɗin rubutu da na alli, wannan kaɗai na ƙi rubutawa, don kada wani ya buɗe ya gani ya ce ashe akwatin Tarzoriye ma yana raguwa. Kowace shekara masu binciken kuɗi su biyu sukan ƙidaya, su tarar daidai, a tafa mini. Ba zan ɓoye ba, tafin yana yi mini daɗi.

Sai aike ya tsaya. Ɗana ya yi aure can, nauyi ya hau shi. Albasa ta faɗi shekara biyu a jere. Alhamis ta koma ranar da nake yini ina neman abin cikawa. A lokacin ne kuma idona na hagu ya fara hazo, na je asibitin mishan aka ce yanar ido ce ta fara. Da na tashi a babban taro na ce ina son a sauke mini nauyin, ido na kawo hujja. Ba ƙarya na yi ba, amma ba shi ne dalilin ba.

Aka yi ta roƙona, na ƙi. Daga ƙarshe aka ɗaga hannu aka zaɓi ƙanen matata. Tela ne, yana da keken ɗinkinsa a rumfar bakin kasuwa, ya yi lakkol har ya fara kwaleji kafin mahaifinsu ya rasu. Tun yana yaro, ranar da aka kawo yayarsa gidana, muke wasa da shi irin na miji da ƙanen mata. Bai taɓa gaishe ni a tsaye daidai ba. Angon Yaya yake ce mini, har bayan na yi furfura. Ni kuma in ce masa ɓarawon ƙyalle, kamar yadda ake tsokanar kowane tela.

Da aka sa ranar miƙa aiki, sai na zauna na yi lissafi na ga akwati ya ragu fiye da yadda na saba, domin na yi makonni ban cika ba. Na buɗe rudu, rumbun albasa, na fitar da albasar da na ajiye ina jiran ta yi tsada, na sayar wa wani ɗan Karofane a farashin da har shi kansa ya yi mini dariya. Matata ta tambaye ni dalili, na ce na ga ta fara ruɓa. Ta dube ni, ta dubi albasar, ta koma kan aikinta.

Da ranar ta zo, da hantsi muka taru a magazan, ɗakin ajiyar ƙungiya, aka shimfiɗa tabarma tsakanin buhunan taki. Akwai shugaba da sakatare, da masu bincike biyu, ɗaya tsohon soja ɗaya mai kanti, da malamin gona da ya zo daga Buza ya zama shaida. Na kawo akwatin ƙarfe a kaina, kayayyakin rubutu a cikin jakar fata.

Malamin gona ya ce in fara rufe kaye. Na ɗauki regil na ja layi a ƙarƙashin rubutun ƙarshe, na tara abin da ya shigo, na tara abin da ya fita, na rubuta saura. Na daɗe ina duban layin kafin in rufe kayen.

"Ku duba," in ji tela, "Angon Yaya shina kuka da akwati kamar an kai ɗiyarshi gidan miji."

Aka yi dariya. Na ce, "Kai dai wanke hannunka, wanga ba ƙyallen mutane ba ne."

Sai aka zube kuɗin. Tsohon soja ya ware takardu iri iri, na jika goma gefe, na jika biyar gefe, har zuwa ƙanana, mai kanti ya jera ƙarafa tsibi tsibi. Kowane iri a ƙidaya, sakatare ya rubuta, a ba tela ya sake ƙidayawa da hannunsa. Da aka tara, malamin gona ya dubi takardar sakatare, ya dubi kayena.

"Daidai," ya ce. "Ko dala ba ta ɓace ba."

Aka buɗe littafin asusu na Buza, abin da ke ciki ya yi daidai da abin da na rubuta. Aka karanto sunayen masu bashin taki ɗaya bayan ɗaya. Da yake an sanar tun jajibiri, yawancinsu suna zaune a waje, kowa aka kira sai ya leƙo ya ce, "Awo, haka na." Wani ya yi gardamar rabin buhu, na ciro gindin resinsa na nuna masa dangwalen yatsansa, ya sosa ƙeya ya koma. Na miƙa littafin resi, wanda aka yi amfani da shi da wanda ba a taɓa ba, da tarin resin kashe kuɗi da na ɗinke shekara shekara da zare, da tambarin ƙungiya da tawadarsa. Sakatare ya rubuta takardar miƙa aiki kofi uku, ya karanta da Faransanci, ya fassara da Hausa. Na sa hannu a wurin mai fita, tela ya sa a wurin mai shiga, shaidu suka bi baya. Makulli ne na ƙarshe. Igiyarsa ta daɗe a wuyana har ta yi baƙi.

Shugaba ya tashi ya yi jawabi. Ya ce tunda aka kafa ƙungiyar ba a taɓa neman dala a rasa ba, ba a taɓa jin Tarzoriye ya zo da kukan wani kashe kuɗi marar takarda ba. Ya juya ga tela ya ce, "Ka ga yadda anka ba ka. Haka muke son mu ishe shi baɗi."

Nan ne wurin da ya kamata in yi magana. Duk waɗanda ya kamata su ji suna zaune, malamin gona yana nan da bik a hannu, da sai a ƙara layi ɗaya a takardar, a yanka wa ma'aji ɗan abin kashewa na wata wata. Har na gyara zama zan faɗa. Amma an riga an ɗaga hannuwa ana yi mini addu'a, tsohon soja yana cewa Allah ya ba mu irinsa goma. Na shafa tare da su.

Washegari muka tafi Buza don a sauya sa hannu a gidan asusu, shugaba a motonsa, wato babur, ni a bayan na tela, da takardar taro da ta miƙa aiki da katunanmu a aljihu. Inda hanya ta hau dutse sai ya rage gudu, na samu na matsa kusa da kunnensa.

"Ka ji," na ce, "akwai ƴan abubuwan da ba su da resi. Wani lokaci mutum sai ya cika da nashi."

"Wa? Kai?" Ya yi dariya har moto ta yi tangaɗi. "Kai da Yaya ta ce kana ƙidaya ƙwayar ashana? Angon Yaya, in kai ka cika akwati da kuɗɗinka, ni kau limamin Makka ne."

Da a ce na ce masa tsaya, sauka, da gaske nake, da ya tsaya. Na san shi. Amma dariyar ta ba ni ƙofar fita, na bi ta. Na yi dariya ni ma, na ce ya kula da rami. A gidan asusu aka soke sa hannuna, ya yi nasa sau uku a kan kati, muka ci tsire muka dawo. Ranar Alhamis ta farko bayan nan na kwanta a inuwa bayan la'asar na yi barcin da na daɗe ban yi ba.

Cikin shekarar na riƙa ganin tela yana wucewa da akwati. Sau ɗaya ya tsaya a ƙofar gidana ya ce, "Wai masu lodi ɗin nan, ƙaƙa kake yi da su?" Na ce, "Sai haƙuri." Ya jira ko zan ƙara wani abu. Na tambaye shi lafiyar yara.

Da shekara ta kewayo aka yi bincike gabanin babban taro. Akwati ya gaza da jika talatin da wani abu. Shi bai ɓoye komai ba. A bayan kayensa ya ware shafi ya rubuta duk abin da ya kashe ba resi, da ranarsa da wanda ya karɓa: mai baro, masu lodi, shayin baƙi, takardar da Buza ta ƙi, cikon tsofaffi. Abin da ya kamata ni in yi tun farko ke nan. A gaban taro mai kanti ya karanta shafin, sannan ya ɗauko tsofaffin kayena ya ɗaga sama.

"Ga na Tarzoriye. Ku nuna mini wuri guda da anka rubuta na ruwan masu lodi. Da can ba su shan ruwa ne? Ko baƙi ba su shan shayi sai bana?"

Wani daga baya ya ce, "Shayin bana da nama anka dahwa shi." Aka fashe da dariya. Tela yana tsaye da makulli a wuya, yana duban ƙasa.

Na tashi. Na juya na fuskanci taro. Na ce jama'a ku saurara, duk abin da ya rubuta gaskiya ne, ni ma haka nake kashewa, daga aljihuna nake cikawa kowane mako tun shekarar farko, ko ranar miƙa aiki albasata na sayar na cika.

Kowa ya juyo ya dube ni. Sai shugaba ya yi murmushi, irin wanda ake yi wa mai kirki in ya wuce gona da iri.

"Zamna, Tarzoriye. Mun san ƙanen matarka ne. Ka yi zumunci, Allah shi biya ka."

Na ce wallahi ba zumunci ba ne.

Tsohon soja ya ce, "To, ina ka rubuta? Kai da ba ka sayen alli ba ka rubuta ba. Kawo takarda guda mu gani."

Ba ni da ita. Na dubi wajen da matata take zaune cikin mata, ita kaɗai ta ga albasar nan, amma yayar tela ce, maganarta ba za ta fi tawa nauyi ba. Duk shekarun da na yi ina gyara kayena don kada a sami abin faɗi a kaina, su ne aka ɗauko aka auna shi da su. Aka yanke cewa doka doka ce, abin da ba shi da resi yana wuyan ma'aji, ya biya kafin a sayo takin bana. Ba wanda ya kira shi ɓarawo a taron. Ya cire igiyar daga wuyansa ya ajiye a gaban shugaba, ya ce a nemi wani.

Ya jinginar da kekensa wurin mai kanti ya biya. Bayan kwana kaɗan na sayar da tunkiya na ɗaure kuɗin a leda na same shi a rumfarsa, yana zaune a benci, wurin keken babu komai sai alamar ƙafafunsa a ƙasa. Na miƙa masa.

Bai karɓa ba. Ya ce, "In na amsa, gobe a ce tare munka ci, ka maido mini rabona. Bar su."

Na ce to ya yafe mini.

"Na tambaye ka, ai. Hal ƙohwar gidanka na zo." Bai ɗaga murya ba. "Da ka ce mini haka abin yake, da na kai ma taro tun watan hwarko."

Ya fanshi kekensa bayan kaka, da kuɗin gerona ko na wani ban sani ba, domin matata ta ɗauki buhu biyu a rumbu ba ta gaya mini inda ta kai ba, ni kuma ban tambaya ba. Amma ɗinki bai dawo masa kamar da ba. Mata suka fara auna yadi da kamu a gabansa kafin su ba shi, su ce a dawo musu da ƙyallen da ya rage. Tsokanar da ni na fi kowa yi masa, ɓarawon ƙyalle, yanzu yara ne suke faɗinta in ya wuce, kuma ba da wasa ba. Daga bakina suka koye ta.

Wanda aka zaɓa bayansa ɗan wan shugaba ne. Shi ma da shekara ta cika akwatinsa ya gaza, kusan daidai da na tela. A wannan karon sai aka ce lallai akwai ƙananan kashe kuɗi da ya kamata a duba. Aka yanke ɗan abin da ma'aji zai riƙa kashewa kowane wata, ya rubuta, shugaba ya sa hannu a ƙarshen wata. Aka tafa. Na ɗaga hannu na ce to kuɗin tela fa, da sunansa? Shugaba ya ce wancan lissafi an rufe shi, an sa hannu, ba a tone abin da ya wuce. Na sake tayar da maganar a taron da ya biyo baya, aka ce Tarzoriye tsufa ya fara kama shi.

An yi mini aikin ido, yanzu ina gani sarai. Kofina na takardar miƙa aiki yana cikin jakar fata, wani lokaci nakan ciro shi. Komai da ke ciki gaskiya ne, kuɗin da aka ƙidaya, da sunayen masu bashi, da tambari, da makulli. A ƙasa, tsakanin layin ƙarshe da sa hannuna, akwai fili da zai ɗauki layi biyu ko uku.

Tela yana nan a garin, damina a gona, rani a Agadas wurin wani mai shagon ɗinki. In yana gari yana zuwa gaida yayarsa ranar Juma'a. In ya ishe ni a zaure sai ya cire takalmi, ya rusuna, ya ce, "Malam, ina wuni? Ina gajiya? Ƙaƙa iyali?" Ya jira in amsa duka, sannan ya shige ciki. Jiya ma ya zo. Da zai fita na ga hularsa ta karkace, na buɗe baki zan tsokane shi, sai na ce ya gaida gida. Ya ce za su ji.